Yadda Ake Shafa Man Kwakwa, Man Zurma Da Man Kaɗanya Ba Tare Da An Tada Amosani Ba

A nan ƙauyenmu ta wajen Ringim, da mace ta ce kanta na ƙaiƙayi amsar ɗaya ce, wai kan ne ya bushe, a ƙara mai. Ƙanwata haka ta yi ta yi wajen wata 3, duk dare sai ta bi tsagar kitso da man kaɗanya ta ɗaura ɗankwali ta kwanta, amosanin kuma sai gaba yake har bayan kunnenta ya fara saɓa, wallahi ta ba ni tausayi don har cikin barci susa take.

Toh kafin ki ɗauko kwalbar mai, fara da duba kan tukunna. Ki shimfiɗa baƙin ɗankwali a cinya, ki ɗan kankare fatar kan da mataji a hankali ki ga abin da ya zubo. In fari ne ƙanana kamar garin tuwo, fatar kuma a ɗame take musamman da hunturu, wannan bushewa ce, ke mai zai miki amfani. Amma in ɓawon manya ne, ya ja zuwa rawaya-rawaya, kin murza kin ji maiƙo, kwana biyu da wankin kai ya dawo, ga gira da gefen hanci da bayan kunne suma suna saɓa, wannan amosani ne na gaske, ki ajiye man nan.

Dalili kuwa, akwai wata ƙwaya dangin yis da ake kira malasiziya, tana kan fatar kowa, ita ba ta iya haɗa kitsen da take buƙata da kanta sai dai ta ci maiƙon da ta samu a fata. Kinga ke da kike ƙara mata man kwakwa ko na kaɗanya kina rufewa da ɗankwali da hijabi cikin zafin bazara ga gumi, tuwo da miya kika kai mata. Man yana kwantar da ɓawon ya manne, sai ki ɗauka sauƙi ne ya samu, bayan kwana uku ƙaiƙayin ya dawo ya fi na da. Maza masu amosani a gemu ma haka abin yake.

In bushewa ce taki, ga yadda nake yi. Man kwakwa cokali 2 na shayi, na zurma cokali 1, shi ne wanda a kemis ake ce wa man kasto, don shi kaɗai kauri gare shi kamar zuma kuma fitarsa a wanki aiki ne. Da hunturu man kwakwa daskarewa yake, ki sa kwalbar a ruwan ɗumi, kar ki ɗora a wuta. Ki fara ɗiga kaɗan a bayan kunne ki kwana da shi, in wurin bai yi ja ko ƙuraje ba sai ki ci gaba. Ki tsefe kai, ki shafa da kan yatsu ba farce ba, ki bar shi kamar awa ɗaya sannan ki wanke da shamfu ki ɗauraye sosai, sau ɗaya a sati ya isa. Shi man kaɗanya ki narka ɗan ƙiris a tafin hannu ki bi jelar gashin da shi yana da ɗan danshi, nan ne wurinsa don bakin gashi ke karyewa.

Mai amosani ma ba a hana ta mai gaba ɗaya ba, ta shafa daga tsakiyar gashi zuwa ƙarshe, ta bar kamar faɗin yatsa biyu daga fata. Ita fatar shamfu mai ketokonazol kashi 2 cikin ɗari take so, sau biyu a sati na sati 4, a cuɗa kumfar a fata a bari minti 5 kafin a ɗauraye. Nan ne mutane ke kuskure, a zuba a wanke nan take a ce bai yi ba. Ƙanwata sai da ta haƙura da ƙananan kitso a watan da ta yi tana wannan wankin, ta koma manyan kalaba guda shida don ruwan ya isa fata, kuma ba ta ɗaura ɗankwali sai kan ya bushe. A sati na biyu susar ta ragu, yanzu sau ɗaya a sati take yi don amosani mai dawowa ne in an sake.

Sai yara. In kin ga gashin yaro ya zube a zagaye kamar kwabo, wurin ya yi fari-fari, wannan makero ne, ba mai ko shamfun da ke kashe shi su kaɗai, maganin sha ake ba shi na makonni, ki kai shi asibiti kuma ki raba masa mataji da hula da sauran yara. Babba ma in an yi wata ana wankin nan ba canji, ko kan yana ruwa ko jini, dan Allah a je likita ya gani.