Farin ruwa mai ƙarnin kifi: kurakuran da ke sa ya riƙa dawowa

Wata mata mai 'ya'ya uku ta same ni a ɗakin awo, ta rage murya ta ce, "Malama, sanyin nan ya ƙi ji, sau huɗu ke nan ina shan magani bana." Ruwan da take gani tsinkakke ne, fari mai sirkin toka, babu ƙaiƙayi sosai, sai ƙarni irin na kifi wanda ke tashi bayan ta sadu da maigida ko bayan al'ada. Abin da ta sha kuwa duk na kamis ne, akasari maganin ƙaiƙayi.

Kuskuren farko ke nan, a tara komai a kira shi sanyi. Mai ƙaiƙayi da ruwa mai kauri kamar cuku, marar wari, daban yake, kuma maganinsa ba ya taɓa wannan. Mai ƙarnin kifin nan shi ne likitoci ke rubuta wa BV a kati. A gaban mace akwai ƙwayoyi masu amfani, laktobasilus, waɗanda ke sa wurin ya zauna da ɗan tsami. Idan suka ragu, tsamin ya faɗi, sai wasu ƙwayoyin irin su gadnarela su mamaye, su ne ke fitar da ƙarnin. Maniyyi da jinin al'ada suna ƙara kashe tsamin, shi ya sa warin ke ƙaruwa a lokacin. Ba daga bandaki ake ɗaukarsa ba. A asibiti a ɗebi ruwan a duba, domin akwai wata cutar saduwa, tirikomonas, mai kama da shi, sai dai ruwanta kan yi kumfa da sirkin kore ko ɗorawa.

Kuskuren da ya fi ci min rai shi ne na wanki. Da na tambayi matar nan yadda take tsarki, sai ta ce tana sa yatsa da sabulu mai ƙamshi har ciki safe da yamma, ta zauna a ruwan bagaruwa, sannan ta yi matsi da miski don warin ya ɓoyu. Baiwar Allah tsafta take nema, amma masu gadin wurin take kora kullum. A wanke waje da ruwa zalla, cikin yana wanke kansa. Kayan matsi kuma a ajiye su.

Maganin da aka saba bayarwa shi ne metironidazol, wanda aka fi sani da filajil, miligiram 400 ko 500 sau biyu a rana har kwana 7. Akwai kuma na matsawa, ko man kilindamaisin. Filajil na barin ɗaci a baki, yana tayar da zuciya, ga shi warin kan ɗauke a kwana biyu ko uku, sai mace ta ajiye saura. A sha bayan an ci abinci, a kuma ƙarasa shi.

Amma ko an shanye daidai, fiye da rabin mata kan ga ya dawo cikin shekara guda, kuma wannan ba sakacinsu ba ne. Ƙwayoyin kan yi wata 'yar yana mai danƙo a jikin bangon farji, su laɓe a ciki, maganin ya kashe na sama ya bar na ƙasa. Sannan filajil ba ya dawo da laktobasilus. Saboda haka wadda abin ya dawo mata sau uku a shekara kada ta koma kamis ta sake sayen irin na jiya. Ta koma wurin likita ta faɗi sau nawa ne, domin akan ɗora wa irinta na matsawa sau biyu a mako har wata 3 zuwa 6.

Sai batun maigida. Da can ana cewa babu ruwan namiji, tunda ba ya jin komai. A 2025 wani bincike da aka yi a Ostireliya ya nuna cewa idan aka ba mijin filajil da man kilindamaisin na shafawa a gabansa na kwana 7 tare da matar, kashi 35 cikin 100 ne abin ya dawo musu cikin mako 12, alhali inda mace kaɗai ta sha kashi 63 ne. An yi shi ne a kan ma'aurata masu mace ɗaya, don haka a gidan da ke da kishiya sai a faɗa wa likita. Na ce wa matar nan ta zo da mijinta, kuma su haƙura da kwanciya ko su sa kororon roba har su gama.

Mai ciki kada ta saurara, domin BV na ƙara haɗarin haihuwar bakwaini. Haka wadda ke jin ciwon mara, zazzaɓi, ko ganin jini ba lokacin al'ada ba, ta je asibiti a ranar.