Taƙaita littafin injin wanki zuwa kati ɗaya

An sha tambayata yadda na yi katin da ke manne a bangon injin wankinmu. Ga shi:

1. Ka sa alama a shafukan amfanin yau da kullum kawai.
2. Ka wanke kaya sau ɗaya, littafin yana hannunka.
3. Ka rubuta abin da hannunka ya yi, layi ɗaya aiki ɗaya.
4. Ka kwafi sunan maɓalli yadda yake a jikin injin, kamar `START/PAUSE`.
   Hattara: kada ka fassara shi. Na taɓa rubuta "kunna", ƙanwata ta dinga danna `POWER`, injin yana mutuwa.
5. Ka sa "duba aljihu" kafin "zuba kaya". Gargaɗin da ke ƙasan kati, sai an yi ɓarna ake ganinsa.
6. Ka ba wanda bai taɓa amfani da injin ba ya gwada, kai ka yi shiru.
7. Ka gyara inda ya tsaya.
8. Ka rufe katin da leda, saboda ruwa.