Hutun shekara, hutun uzuri ko hutu ba albashi: inda ma'aikata ke kuskure

Ma'aikata da yawa a Sakkwato, da zarar wani abu ya taso, suna ko biki ko rasuwa, sai su rubuta takardar neman hutun uzuri, suna ganin kyauta ne da ba ya taɓa hutunsu na shekara. A ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya na 2008, waɗanda aka sabunta daga baya, ba haka abin yake ba. Kwanaki ne kaɗan da ba su wuce mako guda a shekara, ana ba da su bayan mutum ya cinye hutunsa na shekara, kuma ana iya zare su daga hutun da zai samu gaba. Wanda ke kamfani ma ya sani, Dokar Ƙwadago ba ta tanadi hutun uzuri ba. Abin da ta wajabta a hutun shekara shi ne aƙalla kwanakin aiki 6 da cikakken albashi bayan wata 12 ana aiki, sauran kuwa sai abin da takardar ɗaukar aiki ta ce.

A ce ma'aikaci ne mai mataki na 8 a ofishin tarayya, mahaifiyarsa ta kwanta ciwo a Wurno, yana bukatar kusan wata biyu na jinya. Hutun uzuri ba zai kai shi ko'ina ba. Hutun rashin lafiya kuma ba nasa ba ne, tunda ba shi ke kwance ba. Daidai shi ne ya fara da hutun shekara, wanda daga mataki na 7 zuwa sama kwana 30 ne, albashi na shiga. Kafin ya sa hannu ya tambayi ofishin kula da ma'aikata yadda ake ƙirga, da Asabar da Lahadi ko ban da su, domin bambancin ya haura mako.

Sai abin da ya rage ne zai nema ba albashi, kuma nan aka fi yin ɓarna. Mutane na lissafa albashin watan kawai. To a watan da ba a biya ba, kashi 8 cikin ɗari nasa da kashi 10 na ma'aikatarsa da ke shiga asusun fansho ba za su shiga ba, bankin da ya ba shi bashi kuwa ba ruwansa da jinya, ranar cira zai nemi kuɗinsa. Sannan wannan hutu ba haƙƙi ba ne, roƙo ne, ana iya ƙi. Wanda ya miƙa takarda ya kama hanyar Wurno don shugabansa ya ce masa "je ka, Allah ya ba ta lafiya", a fayil ɗinsa ƙin zuwa aiki ba izini ya yi, wanda babban laifi ne. A jira amincewa a rubuce, a riƙe kwafi.

Masu adana hutun shekara don Hajji ko damina mai zuwa su ma su kula. A aikin tarayya hutun da ba a ci ba cikin shekararsa yakan faɗi, sai in an amince a rubuce da ɗage shi.