Kafin ka sa hannu a ofa leta a Ingila, duba furobeshan da notis

Ƴan uwa sababbin zuwa, musamman masu bizar aiki, don Allah in ofa leta ta iso kar murna ta sa ido ya tsaya kan albashi kawai. Albashin a gani a rubuce, eh, da awannin aiki a sati da ranar farawa da hutun shekara (mai aikin kwana 5 a sati doka ta ba shi kwana 28), amma inda mutanenmu suka fi shan wuya layi biyu ne, furobeshan da notis.

Furobeshan yawanci wata 3 ne ko 6. Takardar ta faɗi tsawonsa, ta faɗi ko za a iya ƙara shi kuma har wata nawa, sannan wa zai rubuto maka cewa ka tsallake, saboda akwai wanda zai yi wata takwas yana aiki bai san matsayinsa ba, manaja ya ce masa da baki "ai ka wuce" shikenan, ranar da aka samu saɓani kuma kowa da nasa lissafin. Shi ma mai kamfani rubutun na kare shi, in aikinka bai yi masa ba yana da hanyar sallama da ba gardama a kanta.

Notis kuma, in kamfani ne zai sallame ka, mafi ƙarancin da doka ta sa shi ne sati 1 in ka cika wata guda, daga shekara 2 zuwa sama sati 1 kan kowace shekara har ya kai sati 12. Kai in za ka tafi sati 1 ne, sai dai in kwantiragi ya ce fiye da haka. To a ce takardarka ta ce furobeshan wata 6, notis sati 1 a cikinsa, wata 1 bayansa. Aka sallame ka a wata na biyar, albashin sati guda za ka samu da kuɗin hutun da ba ka ci ba, kamfani zai sanar da ma'aikatar cikin gida, su kuma yawanci su rage bizarka zuwa kwana 60 ka nemo wani sifonsa ko ka bar ƙasar, ga haya na jira. Shi ya sa ni dai ina ganin mai biza ya roƙi notis na wata guda tun cikin furobeshan, a ɓangare biyun, cikin ladabi ta imel. Wani zai yarda wani ba zai yarda ba, amma a tambaya.

Sai sharaɗin mayar da kuɗi, wanda ya yi yawa a aikin kula da tsofaffi. In an rubuta za ka biya kuɗin jirgi ko na tirenin in ka tafi da wuri, a sa adadin ƙarara, kuma ya riƙa raguwa da shekaru.

In ofar ta ce sai an gama binciken DBS, wato duba ko kana da tarihin laifi, da jin ta bakin tsohon wurin aikinka, kar ka ajiye aikin da ke hannunka tukuna. Abin da bai fito maka ba kuma ka kira ACAS, hukumar da ke ba da shawara kan haƙƙin ma'aikata, shawararsu kyauta ce.