Yadda ake zana alwatikar ƙarfin lantarki kafin a ɗora famfo a kan janareto

Yawancin yaran da na koya wa aikin wuta suna auna bolt, su auna amfiya, su ninka, su ce sun sami wat. A wutar batir hakan daidai ne. A wutar gida kuwa, wadda take kai-komo sau 50 a daƙiƙa, abin da suka samu ba wat ba ne. Bari mu bi lissafin da famfon rijiyar burtsatse ɗaya.

Ka fara da awo yayin da famfon yake jan ruwa, ba yana juyawa haka kawai ba. Ka maƙala mitar amfiya a waya ɗaya tak. In ka haɗa wayoyin famfon biyu a bakinta, sifiri za ka gani. A ce ka sami 230 V da 10 A. Ka ninka: S = 230 × 10 = 2300 VA. Wannan shi ne ƙarfin zahiri, wato nauyin da waya da janareto suke ɗauka. Shi ya sa ake rubuta girman janareto da taransifoma da kVA.

Sai ka nemi ƙarfin aiki, P, wanda yake zama juyawa da zafi, wanda kuma mitar gida take ƙirgawa. Ni dai na fi yarda da ƙaramar mitar wat da ake soka wa soket, tana da araha, kuma ta fi hasashe. A ce ta nuna 1840 W. In ka raba P da S, 1840 ÷ 2300 = 0.8. Wannan adadin ne ake bugawa a jikin inji da alamar cos φ ko PF.

Yanzu ga inda ake faɗuwa, ni ma nan na faɗi ina ɗan koyo. Na ɗebe 1840 daga 2300, na sami 460, na ce shi ne ƙarfin kai-komo, Q, wanda yake zuwa ya koma ba tare da ya yi aiki ba. Maigidana ya dubi takardar, ya miƙo min rula, ya ce, "Zana min shi." Na ja layi a kwance mai tsawon santimita 4, wato P. Daga ƙarshensa na ja wani a tsaye, wato Q. Ya ce in ƙara tsayinsa har layin da ya haɗa bakunan biyu, wato S, ya kai santimita 5. Da na auna na tsayen, santimita 3 ne cif, ba 1 ba.

Dalili kuwa shi ne naɗin wayar da ke cikin injin yana karɓar wuta ya gina maganaɗisu, sannan ya mayar da ita. Wannan kason na amfiya yana bin bayan bolt da digiri 90, ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kason da ke aiki. Abubuwa biyu da suke kusurwar digiri 90 da juna ba a haɗa su kai tsaye, sai ta hanyar Pythagoras:

Q = √(S² − P²) = √(2300² − 1840²) = 1380 var

Ka gani, ninki uku ne na abin da na samu da farko. Wannan 1380 ba ya ɗaga ko digon ruwa, amma yana bi ta waya, yana ɗumama ta.

In kaya sun fi ɗaya, kada ka taɓa tara VA da VA. Ka tara P daban, Q daban, sannan ka sake zana alwatika. A ce an jona dutsen guga mai 1000 W, wanda ba shi da Q. Yanzu P ya zama 2840, Q yana nan 1380, S kuma ya fito kusan 3160 VA, ba 3300 ba.

Wajen zaɓar janareto ka duba iyaka biyu, kVA da kW, don kowanne zai iya cika kafin ɗan'uwansa. Ka bar rata mai yawa kuma, saboda lokacin tashi famfo yana jan amfiya ninkin ba ninkin na lokacin aiki. In ka ji janareto ya yi nishi, ƙwai sun dushe, to ratar ce ta gaza.

Rage Q aikin kafasita ne. Don kai famfonmu daga 0.8 zuwa 0.95 sai Q ya sauko kusan 605, wato a cire var 775, kuma in ka sa 775 a gurbin Q, 50 a gurbin f, girman kafasitar C = Q ÷ (2πfV²) yana ba da kusan 47 µF. Amfiya za ta sauko zuwa 8.4, wat kuwa ba zai motsa ba. Ka jona kafasitar ta yadda za ta mutu tare da famfon, kuma ka sauke cajinta kafin ka kai hannu. Ga caja da ƙwayayen LED kuwa alwatikar nan ba ta cika daidai, domin suna jan wuta ne a fizge. Nan mitar wat kaɗai za ka bi.