Yadda ake gyara ƙararrawar YouTube in sanarwar sabon bidiyo ba ta zuwa

Ranar Asabar ɗin nan kawuna ya tare ni a ƙofar gida a Gwammaja, ya miƙo min wayarsa yana cewa "kai ɗan nan duba min abin nan, malam ya saki karatu tun shekaranjiya sai a masallaci na ji labari, alhali na danna jan abin da kuka ce a danna." Jan abin da yake nufi Subscribe ne. Kuma wallahi ya danna ɗin, ba ƙarya ya yi ba, sai dai danna Subscribe kawai ba ya sa YouTube ta riƙa ƙwanƙwasa maka waya duk sanda aka ɗora bidiyo. Ga yadda muka bi wayar tasa har muka gano inda ta toshe, kai ma haka za ka bi taka.

Da farko ka shiga tashar da kake bi ka kalli ƙararrawar da ke jikin Subscribed, ka taɓa ta. Zaɓi uku ne zai fito, All da Personalized da None. None dai a fili yake, babu sanarwa ko ɗaya. All shi ne a sanar da kai duk abin da aka ɗora. Rigimar tana wajen Personalized, don shi YouTube take ɗora ka a kai da kanta da zarar ka danna Subscribe, ba ta tambayar ka. Ma'anarsa ita za ta zaɓa maka, tana duba abin da ka saba kallo da yadda kake buɗe sanarwar da ta turo maka a baya, in ta ga tashar ba ka cika leƙa ta ba sai ta yi shiru abinta. To kawu ba ya kallo a YouTube ɗin sosai, yawanci a WhatsApp ake turo masa karatun ya saurara, ka ga ita a wajenta bai damu da tashar ba kenan. Muka mayar da shi All.

Da yawa nan suke tsayawa su ce an gama, ba a gama ba. Ita kanta manhajar tana da nata makunnin. Ka taɓa hotonka, ka shiga Settings, sannan Notifications, ka tabbata Subscriptions a kunne yake, in a kashe yake ko tasha ɗari ka sa wa All a banza. A wannan shafin akwai wasu abubuwa biyu da suke ruɗa mutane. Scheduled digest in a kunne yake tara maka sanarwar yake yi ya kawo su a dunƙule sau ɗaya a rana, bidiyon safe sai ka ji shi da daddare. Sai Disable sounds & vibrations, wanda yake kashe ƙara da girgiza daga 10 na dare zuwa 8 na safe in ba ka canza lokacin ba, wato abin da aka saki bayan asuba zai shigo amma wayar ba za ta ce uffan ba.

Daga nan sai wayar da kanta, kuma a nan muka kama ɓarawon kawu. Ka fita daga YouTube ka shiga Settings na waya, Apps, ka nemo YouTube, ka taɓa Notifications. Nasa a rufe yake ruf. Na ce kawu wa ya kashe wannan? Ya ce shi dai wata rana wani rubutu ya fito masa da Turanci ya danna na ƙasa don ya ba shi wuri. Daga Android 13 zuwa sama kowace manhaja sai ta nemi izini kafin ta turo sanarwa, in ka danna Don't allow shi kenan ka rufe ƙofa da hannunka. Muka kunna.

Kana wajen ka duba batun batir da data. Mu nan Kano da wuta ba ta zama kowa ya kunna Battery saver ya manta da shi, wasu wayoyin kuma suna zuwa da manhajar share-share da take kashe duk abin da ke aiki a bayan fage don caji ya daɗe, sanarwa sai ta makara ko ta ƙi zuwa. Ka shiga wajen batir na YouTube ɗin ka cire mata takunkumi, a wayoyi da yawa Unrestricted ake kiransa. Shi kuma mai kashe data sai zai yi amfani da ita, ai ya san babu ta inda saƙo zai biyo.

Wani abu da nake yawan gani, mutum ya sayi waya a Farm Centre yaron shago ya buɗe masa sabon imel a tsaye, ga kuma tsohon imel ɗinsa ya saka daga baya. Ya yi Subscribe da wancan, yana kallo da wannan. Ka taɓa hotonka ka ga da wane akawun kake ciki.

To in duk wannan daidai yake amma har yanzu wasu bidiyon suna wuce ka, laifin ba a wayarka yake ba. YouTube ba ta tura wa mutum sanarwar sabon bidiyo fiye da 3 daga tasha ɗaya cikin awa 24. Tashar da kawu yake bi lokacin azumi sai su yanka tafsirin rana ɗaya gida biyar su watso a jere, na huɗu da na biyar babu wanda zai ji ɗuriyarsu ko da All ya saka. Masu tasha ku ji wannan da kyau, gara a haɗe shi guda ko a raba kwanaki. Kuma wajen ɗora bidiyo in an danna Show more akwai wani ɗan akwati mai rubutun Publish to subscriptions feed and notify subscribers, in aka cire masa alama bidiyon zai hau amma ba wanda za a sanar. Tashar da aka yi wa rajista a matsayin ta yara kuwa, irin masu koyar da baƙi da wasali ko ƙirga, tun Janairun 2020 ƙararrawarta ba ta aiki gaba ɗaya, ko ka taɓa ba za ta ba ka zaɓi ba. Masu jiran saƙon sabon bidiyo ta imel ma su daina jira, an daina turo shi tun Agustan 2020.

Ni shawarata kar ka sa wa kowace tasha All, wayar za ta dame ka har ka fusata ka kashe duka, ka koma gidan jiya. Biyu ko uku da ba ka so su wuce ka sun isa. Sauran ka riƙa taɓa Subscriptions da ke ƙasan manhajar, nan ake jera sababbin bidiyon tashoshin da kake bi ko an turo sanarwa ko ba a turo ba, sai dai wanda mai tasha ya cire wa alamar ɗan akwatin nan. Shi na nuna wa kawu a ƙarshe, ya sa tabarau ya duba, ya ga karatu huɗu da bai ji ba, ya ce in miƙo masa abin kunnensa a kan taga.