Darasi na Bakwai: Kula da Matatar Iska ta Inji

Matatar iska, wadda makanikai ke kira iya-kilina, ita ce ke tare ƙura kafin iska ta shiga kafireta. A ƙananan injuna kamar babur, janareta da injin ban ruwa, iri biyu aka fi samu, ta soso da ta takarda, wani injin kuma yakan haɗa su, soso a waje, takarda a ciki. Akwai kuma mai kwanon baƙin mai, wadda ake gani a tsofaffin taraktoci.

Ƙura ba gari ce mai laushi ba, domin akwai ɓarɓashin yashi a cikinta wanda yake cin ƙarfe. Idan ta wuce matata, sai ta cakuɗe da man da ke jikin silinda, ta riƙa goge zobban fistin duk lokacin da ya hau ya sauka. Da zarar zobban sun cinye, injin zai rasa ƙarfi, ya fara shan baƙin mai, yana fitar da shuɗin hayaƙi. Idan kuwa toshewa matatar ta yi, hayaƙin baƙi ne, fulogi ya yi kunkunniya, fetur kuma ba ya auki.

Mu ɗauki injin ban ruwa na Honda GX160. Ƙa'idarsa ita ce a tsabtace matata bayan aikin awa 50, wato manomin da ke kunna shi awa takwas a rana zai cika wannan cikin mako guda. Da hunturu kuwa, gara ya duba ta kowace safiya.

Soso ana wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, ba da fetur ba, saboda haɗarin gobara. A matse shi a tafin hannu, kada a murɗe shi kamar wanki, don zai yage. Sai an bar shi ya bushe sarai a inuwa, sannan a jiƙa shi da sabon baƙin mai, a matse har ya daina ɗiga. Mutane da yawa suna tsallake wannan matakin, alhali man ne yake kama ƙurar, busasshen soso kuwa barin ta yake ta wuce.

Takarda ba ta son ruwa, ba ta son mai, kuma buroshi cusa mata ƙura yake yi. A ƙwanƙwasa ta a hankali a kan katako, ko a hura mata iska marar ƙarfi daga ciki zuwa waje. Daga nan a ɗaga ta ga hasken rana: in an ga huda ko yagewa, komai ƙanƙantarta, a sayi sabuwa.

Kafin a mayar da murfi, a shafa yatsa a bututun da ke bayan matatar. In ya fito da ƙura, to akwai inda iska ke shiga ba ta matata ba, sai a duba robar bakinta ko ta zauna daidai.